Szeged ko Eskişehir: Amsar da Na Ba Ƙanwata

"Yaya, takardun tallafin karatu biyun duk sun fito. Hungari ta ba ni ilimin haɗa magunguna a Jami'ar Szeged, shekara biyar da Turanci. Turkiyya ta ba ni shi a Jami'ar Anadolu da ke Eskişehir, da Turkanci, bayan shekara guda ta koyon harshe. Umma ta fi son Turkiyya, Baba ya ce in tambaye ka tunda sana'arka ce. Wanne zan karɓa?"

Ƙanwata, bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya sanya albarka a wannan buɗi, amsata ita ce ki karɓi na Szeged, bisa sharaɗi guda da zan zo kansa. Ban zaɓe shi don ya fi sauƙi ko ya fi araha ba, domin a duka biyun Turkiyya ce a gaba. Na zaɓe shi ne saboda harshen da za ki yi karatun da shi, wanda shi ne zai bi ki har ƙarshen rayuwarki ta aiki.

Ranar da kika dawo Jidda da takardar digiri a hannu, ba za ki tsaya bayan kantar saidaliyya, wato shagon magani, ba sai hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, wadda muke ce wa hai'a, ta ba ki lasisi. Za ki buɗe fayil a shafinta na intanet mai suna Mumaris Plus, kamfanin DataFlow ya tuntuɓi jami'arki ya tabbatar da takardunki, sannan ki zauna jarrabawar lasisin masu haɗa magunguna, wato SPLE. Wannan jarrabawa da Turanci ake yin ta, kuma tambayoyinta ba na hadda ba ne: za a ba ki labarin majinyaci mai ciwon ƙoda da ke shan magani uku, a ce wanne za a rage, ga kuma agogo yana tafiya. Wanda ya yi shekara biyar yana tunanin aikin magani a jiki da Turkanci sai ya sake gina duk wannan da Turanci kafin ya shiga ɗakin. Sunayen sinadaran magani sun yi kama a duk harsuna, wannan ba ya da wuya. Abin da ke ba da wuya shi ne bayanin cuta, da sunayen gaɓoɓi, da yadda likita ke rubuta umarni a fayil ɗin majinyaci, da yadda za ki ɗaga waya ki gaya masa cewa adadin da ya rubuta ya yi wa yaro mai kilo goma sha biyu yawa. A asibitin da nake aiki, duk wannan da Turanci muke yin sa, Larabci kuwa na magana da majinyaci ne, kuma shi kin riga kin mallake shi tun daga gida.

Wani abu kuma ya sa nake matsa wa wannan batu. Sana'armu tana cikin waɗanda gwamnati ke mayar wa 'yan ƙasa. A 2020 aka fara da kashi 20 cikin ɗari, shekara ta zagayo aka kai 30, a 2025 kuma aka ɗaga shi zuwa kashi 35 a saidaliyyun unguwa da kashi 65 a na asibitoci. Mu da muke riƙe da fasfon Sudan, duk da cewa a nan aka haife mu, a lissafin baƙi muke, kuma hai'a tana neman shaidar aiki bayan kammala karatu daga baƙo. Don haka kada ki ɗauka cewa gurbi yana jiranki a Jidda. Kina buƙatar digirin da za ki iya ɗauka zuwa Ƙatar, ko Oman, ko Daular Larabawa, ko Sudan in Allah Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, kuma a duk waɗannan wurare da Turanci ake tantance mai haɗa magunguna. Digirin Anadolu digiri ne mai daraja, ban raina shi ba, amma harshensa ya fi amfani ga wanda zai zauna a Turkiyya, ke kuwa ba ki taɓa cewa can za ki zauna ba. Wasu za su ce miki digirin Hungari yana buɗe Turai gaba ɗaya. Ki rage rabin wannan magana. Gaskiya ne tsarin karatun ya dace da ƙa'idar Tarayyar Turai ta shekara biyar da horon wata shida a saidaliyya, amma amincewar kai tsaye da dokar ta tanada an yi ta ne domin 'yan ƙasashen Tarayyar, mai fasfo irin namu kuwa sai ya bi ƙa'idar kowace ƙasa daban, da harshenta.

Yanzu ga kuɗi, kuma ina so ki karanta wa Baba wannan sashe a tsanake, domin shi ne zai ji nauyinsa tare da ni.

Tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, cikakke ne fiye da ɗayan. Yana biyan kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da inshorar lafiya, da shekarar koyon harshe, da tikitin zuwa na farko da na dawowa bayan kammalawa, ga alawus na wata-wata, kuma a ɗakunan kwanan gwamnati ana tallafa wa ɗalibi da karin kumallo da abincin dare. Rauninsa ɗaya ne, wato da lira ake biya. A farkon 2021 dala ɗaya tana wajen lira bakwai da rabi, a ƙarshen 2024 ta kai wajen 35, kuma a Oktoban 2022 hauhawar farashi a can ta haura kashi 85 cikin ɗari. Ana ƙara alawus ɗin lokaci zuwa lokaci, amma ƙarin yana biyo bayan farashi ne, ba ya riga shi. Duk da haka, ɗalibar da ke da ɗaki da abinci sau biyu ba za ta wahala ba, kuma a kiyasina riyal 250 a wata daga gida zai ishe ta.

Na Hungari kuwa, Stipendium Hungaricum, yana biyan kuɗin makaranta da inshora, yana ba da gado a ɗakin kwanan ɗalibai ko forint 40,000 a wata a madadinsa, sai alawus na forint 43,700. Wannan adadi yana da girma a ido, amma in aka canza shi bai wuce riyal 450 zuwa 500 ba, kuma ya shekara da shekaru bai motsa ba alhali farashin abinci a Hungari ya yi tashin gaske a 2022 da 2023. Su kansu masu tallafin sun rubuta cewa gudummawa ce, ba cikakken kuɗin rayuwa ba. Babu abinci a ciki, babu tikitin jirgi. A kiyasina, ɗalibar da ke dafa abincinta da kanta, tana sayen nama a shagon halal, tana biyan kuɗin waya da mota da kayan sanyi, tana buƙatar ƙarin riyal 700 a wata.

Akwai kuma kuɗin da babu takardar da ta ambata, domin masu tallafin ba su san da shi ba, wato kuɗin riƙe iƙamarki, katinki na izinin zama a Saudiyya. Kina ƙarƙashin Baba ne, kuma tun Yulin 2020 kuɗin da ake biya wa kowane ɗan rakiya riyal 400 ne a wata, ko yana cikin ƙasa ko yana waje. Shekara guda riyal 4,800 ke nan. Ba za ki fita ba sai da bizar fita da dawowa, wadda Baba zai ciro ta manhajar gwamnati ta Absher: riyal 200 na wata biyun farko, sai riyal 100 ga kowane wata da ya ƙaru, don haka ta wata goma riyal 1,000 ce. Jimilla riyal 5,800 a shekara. Wata yarinyar za ta iya cewa a yi mata bizar fita ta ƙarshe a huta, in ta tashi zuwa ta zo da bizar ziyara. Ke ban yarda a yi miki haka ba. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 gidan kakanninmu na Mai Wurno a Sudan ba wurin da za mu ce ki koma ba ne in wani abu ya faru, saboda haka wannan kati shi ne gidanki, kuma za mu biya shi ko da me za mu rage.

To ga lissafin duka. A Szeged, iƙama ta shekara biyar riyal 29,000, ƙarin ciyarwa na wata 60 riyal 42,000, jimilla 71,000. A Eskişehir, iƙama ta shekara shida riyal 34,800, ƙarin wata 72 riyal 18,000, jimilla 52,800. Tikitin zuwa hutu kowace shekara yana kan duka biyun, don haka ban sa shi ba. Bambancin ya kama wajen riyal 18,000, ƙari da tikiti biyun da Turkiyya ke bayarwa, a ce dubu ashirin da ɗoriya a tsawon shekara biyar. Wannan shi ne farashin zaɓina, kuma ina ganin ya cancanta, domin za ki gama shekara guda da wuri, albashin 'yan watanni na wannan shekarar kuma zai mayar da shi. Riyal 700 ɗin nan na ɗauka a kaina, zan riƙa tura miki a farkon kowane wata, Baba ya ci gaba da iƙama kamar yadda yake yi yanzu. Na riga na yi magana da matata, ta amince.

Sharaɗin da na ambata yana nan ne. Duk lissafin nan ya tsaya a kan cewa an ba ki gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba, kuma forint 40,000 da ake bayarwa a madadi ba ya biyan ɗaki a gidan haya na haɗaka, da ƙyar ya kai rabi in an haɗa da wuta da ɗumama ɗaki. In haya za ki kama, ki ƙara riyal 500 a wata, wato 30,000 a shekara biyar, ga kuɗin ajiya na wata biyu da mai gida zai nema tun ranar farko. A nan bambancin zai haura dubu hamsin, kuma wannan ya fi ƙarfina. Saboda haka gobe da safe ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ki tambayi abu uku: shin an ware miki gado, na shekara nawa ne, kuma mata kaɗai ne a ɗakin da banɗakinsa. Ki nemi amsa a rubuce. In sun ce na shekarar farko ne kawai ana sabuntawa, za mu karɓa, domin a shekara guda za ki sami 'yan'uwa mata da za ku haɗa haya mai rahusa. In sun ce babu sam, to ki tafi Eskişehir da zuciya ɗaya, mu kuma mu tsara yadda za ki riƙa karanta littattafan fannin da Turanci a gefe tun daga shekarar farko.

Akwai haɗarin da ya fi kuɗi damuna, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. Kin yi sakandare da Larabci. Makin da kika samu na gaske ne, tunda Turkiyya ba ta duba mai neman wannan fanni sai yana da kashi 90, amma kemistiri da kika sani da sunayen Larabci kika san shi. A Eskişehir kina da shekara guda ta sararawa: ba a fara fannin sai kin kai matakin ƙwarewa na C1 a Turkanci, kuma mai Larabci yana samun rangwame saboda kalmomin aro masu yawa. A Szeged babu wannan sararawar. A makon farko na Satumba malami zai tsaya gaban allo yana bayanin ma'aunin sinadarai da Turanci mai karin harshen Hungari, kuma ba zai jira kowa ba.

Ki fahimci yadda ake rasa wannan tallafi, domin mafi yawan waɗanda suka rasa shi ba su ga zuwansa ba. Zango ɗaya kiredit 30 ne, digirin duka 300. Ƙa'idar tallafin ita ce ki samu aƙalla kiredit 18 a matsakaici a zanguna biyu na ƙarshe, wato 36 cikin 60. Da jin haka mutum zai ce ai da sauƙi. Tarkon yana cikin darussan da ke jingine da juna. A ce a zango na farko ɗaliba ta faɗi kemistiri na gaba ɗaya da lissafi, ta tsira da kiredit 20. A zango na biyu manhajar Neptun, inda ake rajistar darussa, ba za ta bar ta ta ɗauki darussan da ke buƙatar waɗancan biyun ba, sai ta ga abin da ya buɗe mata bai wuce kiredit 22 ba. In ta sake faɗuwa darasi guda mai kiredit bakwai, ta samu 15. Jimilla 35, saura ɗaya tak, kuma tallafin ya tafi. Daga nan sai biyan kuɗin makaranta daga aljihu, wanda ya haura riyal 30,000 a shekara, ko kuma haɗa kaya. Ashe faɗuwar Disamba ce ta kayar da ita, ba ta Yuni ba.

Alamar tana bayyana da wuri ga mai lura. Ana yin ƙananan gwaje-gwaje a tsakiyar zango, kuma ana ƙirga halartar ɗakin gwaji. Wanda ya yi fashi fiye da ƙima ba a sa masa hannu, wanda ba a sa wa hannu ba kuwa ba ya shiga jarrabawa. In kika ga kin faɗi gwajin farko na kemistiri a Oktoba, kada ki ce sai na gaba. A wannan makon ki je wurin malamin a lokacin ganawarsa, ki nemi ɗalibin aji uku ya zauna da ke, ki kuma kira ni. Jarrabawar kanta ta bambanta da wadda kika saba. Maki daga 1 zuwa 5 ne, 1 faɗuwa ce, kuma da yawa daga manyan darussa da baki ake yin su: za ki zaro 'yar takarda daga kan tebur, a ba ki 'yan mintoci ki shirya, sannan ki zauna gaban farfesa ki yi bayani yana katse ki da tambaya. Ke da kanki za ki zaɓi ranakun jarrabawarki a Neptun cikin makonnin da aka ware, kuma ana ba da damar maimaitawa. Ki sa darasi mafi wuya a farkon makonnin, domin in an faɗi a sami ranar sakewa. Masu tura shi ƙarshe don tsoro su ne ke rasa damar.

Don haka watannin da suka rage kafin tafiya ba na hutu ba ne. Zan kawo miki littafina na kemistiri na shekarar farko ranar Juma'a. Kowace rana ki karanta shafi biyar, ki rufe littafin, ki tsaya ki yi bayaninsa da Turanci da murya kamar kina koyar da aji, ko da bango kike yi wa. Abin da kika riga kika sani ne, suna kawai za ki canza masa, kuma bakinki ne ke buƙatar sabo fiye da idonki. Harshen Hungari ma ba za ki tsere masa ba. Wajibi ne a shekarar farko, sakaci da shi yana jawo rage alawus, kuma a horon ƙarshe tsofaffin da za su miƙo miki takardar likita ba sa jin Turanci. Amma abin da ake nema a can na mu'amala ne, ba wanda za ki rubuta jarrabawar ilimin magani da shi ba, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce tazarar da ke tsakanin takardunki biyu. Doka ta yarda ɗalibi ya yi ɗan aiki, amma ban yarda ki taɓa shi ba kafin ki gama shekara ta biyu.

Damuwar Umma kuwa tana da tushe, kada ki yi mata gardama. A Eskişehir za ki ji kiran salla daga ɗakinki, ba za ki tambayi asalin nama ba, hijabinki ba zai ja ido ba, kuma daga Jidda zuwa Istanbul tafiyar awa huɗu ce ba sauka. Szeged gari ne na ɗalibai a bakin kogin Tisza a kudancin ƙasar, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci a jirgin ƙasa daga Budapest, Musulminsa kaɗan ne, yawancinsu ɗaliban likitanci da magunguna daga ƙasashen Larabawa da Iran da Afirka. Za a kalle ki a titi, wani lokaci kallon ba zai yi daɗi ba, kuma za ki koyi karanta bayan kowane kwali saboda naman alade da kitsensa suna cikin abincinsu sosai. Abin da zan gaya wa Umma shi ne, 'yan mata masu hijabi suna gama wannan tsangaya kowace shekara, kuma addinin da ta dasa miki ba na unguwa ba ne da zai tsaya a Jidda. Azumi ma a shekarun karatunki cikin hunturu zai riƙa faɗowa, yini gajere, sai dai zai haɗu da jarrabawar Janairu a wasu shekarun, ki sa wannan a lissafin ranakunki. Ki bar mini maganarta, zan zo mu zauna da ita, kuma ni zan raka ki tafiyar farko in ga ɗakin da idona.

Game da tsarin takardu, kada ki saki na Turkiyya yau. Ki danna karɓa a shafin Hungari kafin wa'adin da suka sa, ki jira amsar ɗakin kwana, sannan ki kai takardar tallafi da ta shiga jami'a ofishin jakadancinsu da ke Riyad domin biza. Kafin nan Baba ya duba abu biyu: fasfonki ya kasance da sauran aƙalla shekara biyu, domin sabunta fasfon Sudan daga waje yana cin lokaci a halin da ake ciki, kuma ya sabunta iƙama kafin ya ciro bizar fita, tunda bizar ba ta wuce wa'adin iƙama, tsawaita ta daga waje kuwa kuɗinsa ninki biyu ne. Ranar da biza ta fito a fasfonki, a ranar ki rubuta wa Turkiyya takardar godiya da janyewa, kada ki kwana da ita, domin akwai wata yarinya a jerin jira da wannan gurbi zai canza wa rayuwa. In kuma wa'adin Turkiyya ya riga bizar cika, ki kira ni kafin ki danna komai, mu duba inda takardun suka tsaya a ranar.

Ki gaida Baba da Umma, ki ce musu ina tafe Juma'a bayan La'asar. Ki ajiye mini amsar ofishin jami'ar in ta iso, da takardun biyu na asali, mu karanta ƙananan rubutun da ke ƙasansu tare.

Yayanki.